Yadda ake rubuta sanarwar aikin hanya ta yadda kowa zai san ranar, wurin da kuma hanyar da zai bi

Mutumin da ya tsaya karanta sanarwar hukumar birni a kan aikin hanya yana neman amsar tambayoyi uku ne: shin abin ya shafe ni, yaushe zai shafe ni, kuma ta ina zan bi? Mafi yawan sanarwar da ake fitarwa sukan fara da sunan hukuma da lambar kwangila da bayanin ƙudurin kyautata rayuwar jama'a, sai mai karatu ya kai ƙarshen takardar bai san ko motarsa za ta iya fita daga gida ranar Litinin ba. A nan za mu ɗauki aiki guda ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe. Misali ne da na ƙirƙira domin bayani, kuma sunayen titunan da alƙaluman da ke cikinsa duk na misali ne.

A ce akwai wani titi mai suna Titin Asibiti, wanda ya miƙe daga Shataletalen Tasha a yamma zuwa Mahaɗar Makaranta a gabas, tsawonsa mita 600. Kwalbatin da ke tsakiyarsa ya rufta, za a haƙe shi a sa sabo a watan Maris na 2026. Ɗan kwangila ya aiko wa ofishin yaɗa labarai wannan jimla: "Za a gudanar da aikin gyara a yankin Titin Asibiti daga 02/03/2026 na tsawon kimanin makonni huɗu, ana shawartar masu ababen hawa da su bi wasu hanyoyin." Babu ƙarya a cikinta, amma babu wanda zai iya tsara tafiyarsa da ita. Aikinmu shi ne mu mayar da ita sanarwa mai amfani.

Mataki na farko: tattara bayanai kafin ka rubuta komai

Kada ka fara rubutu daga takardar ɗan kwangila. Ka nemi injiniyan da zai kula da aikin, ku zauna da taswira a gabanku, ka yi masa tambayoyi irin waɗanda direba zai yi. Za a rufe titin ne gaba ɗaya ko hannu ɗaya? Daga wane wuri zuwa wane wuri za a sa shinge? Rufewar za ta ci gaba da dare da ranakun hutun ƙarshen mako, ko za a riƙa janye shingen idan ma'aikata sun tashi? Masu tafiya a ƙasa za su iya wucewa? Wannan tambaya ta dare da ƙarshen mako ita ce aka fi mantawa da ita, domin injiniya yakan ba ka lokutan aikin ma'aikatansa, alhali jama'a lokutan rufe hanya suke nema, kuma abubuwa biyu ne daban. Ma'aikata suna iya tashi da ƙarfe 6 na yamma, amma ramin da suka haƙa yana nan har wayewar gari, kankaren da suka zuba kuma yana buƙatar kwanaki kafin ya yi ƙarfin ɗaukar mota. Saboda haka titi yana iya zama a rufe kwana da kwanaki ba tare da an ga ma'aikaci ko ɗaya a wurin ba, kuma ya kamata sanarwa ta faɗi dalilin, don kada jama'a su ɗauka an yi watsi da aikin su fara ture shingen da kansu.

A misalinmu, zaman ya nuna cewa aikin kashi uku ne: rufewa gaba ɗaya na mako biyu, sai buɗe hannu ɗaya na kusan mako biyu, sai dare guda da za a sake rufe titin duka domin shimfiɗa kwalta. Jimlar ɗan kwangila ba ta ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mataki na biyu: rubuta ranaku da lokuta ta hanyar da ba ta da fassara biyu

Fara da kawar da kwanan wata na lambobi zalla. Wanda ya saba sa rana a gaba zai karanta 02/03/2026 a matsayin 2 ga Maris, wanda kuma ya saba da tsarin Amurka, ko wayarsa take nuna masa kwanan wata a wannan tsari, zai karanta shi 3 ga Fabrairu. Ka rubuta sunan wata da haruffa, ka sa sunan rana a gaba, ka ƙara shekara: Litinin, 2 ga Maris, 2026. Sunan ranar yana da amfani biyu. Jama'a da ranakun mako suke tsara harkokinsu, sannan kuma yana zame maka ma'aunin kama kuskure, domin idan wani ya buga 3 a maimakon 2, duk wanda ya duba kalanda zai ga ranar da lambar ba su dace ba. Shekarar kuwa dole ce saboda sanarwa ba ta mutuwa a intanet. Hotonta yana iya sake yawo bayan shekara guda, mutane su ɗauka sabuwa ce. Idan shafin hukumar yana da gurbin da na'ura ke karantawa, a can ne ake amfani da tsarin ISO 8601, wato shekara, wata, rana, kamar 2026-03-02, amma a jikin sanarwar da mutane za su karanta a bar sunan wata da haruffa.

Daga nan ka cire duk kalmar da ma'anarta ta dogara da ranar da aka karanta ta, irin su gobe, jibi, mako mai zuwa, ƙarshen wannan wata da nan ba da jimawa ba. Wanda ya ga sanarwar bayan kwana biyar da fitowarta, gobensa daban ce da taka. Haka nan "na tsawon makonni huɗu" yana ɗora wa mai karatu lissafin da kai ya kamata ka yi masa, don haka ka faɗi ranar farawa da ranar buɗewa, kowace da sa'arta.

Kalmar "zuwa" ma tana buƙatar kulawa. Idan aka ce an rufe titi daga 2 zuwa 15 ga Maris, wani zai fahimci cewa ranar 15 an buɗe, wani kuma zai fahimci har da ita. Mafita ita ce a faɗi lokacin buɗewa kai tsaye: za a buɗe hannu ɗaya da ƙarfe 6 na safiyar Litinin, 16 ga Maris. Ka kuma jera kashin aikin ka duba ko akwai giɓi a tsakaninsu. Jadawalin injiniya ya ce kashi na farko zai ƙare Juma'a 13 ga wata, na biyu ya fara Litinin 16, domin shi ranakun aiki yake ƙirgawa. Mai karatu kuwa zai tambaya, to Asabar da Lahadi fa? Da aka koma aka tambaya, sai aka gano titin zai zauna a rufe a kwanakin biyu saboda kankare, don haka ranar ƙarshen kashi na farko a sanarwa ba 13 ba ce.

Aikin dare shi ne ya fi kowanne haɗari ga mai rubutu da Hausa, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa. A bakin Bahaushe, "daren Juma'a" sau da yawa yana nufin daren da ake wayar gari Juma'a, wato daren da ya biyo bayan yinin Alhamis, yayin da wasu kuma, musamman masu bin ƙidayar agogo da takardun ofis, suke nufin daren da ya biyo bayan yinin Juma'ar. Jimla ɗaya, dare biyu. Idan sanarwa ta ce za a rufe titi a daren Juma'a, rabin jama'a za su kauce wa titin a daren da yake buɗe, su faɗa masa a daren da yake rufe. Maganin abin shi ne ka ambaci ranakun biyu da lambobinsu: daga ƙarfe 10 na dare ranar Alhamis, 26 ga Maris, zuwa ƙarfe 5 na asuba ranar Juma'a, 27 ga Maris. Ka kuma guji fara aiki ko ƙare shi da ƙarfe 12 na dare daidai, domin wannan sa'a tana kan iyakar kwana biyu. Idan ya yiwu ka roƙi injiniya ya amince da ƙarfe 11 na dare ko ƙarfe 1.

Saura batun jinkiri. Ba a shimfiɗa kwalta cikin ruwan sama, kuma idan aka haƙa ƙasa akan ci karo da bututun ruwa ko wayar lantarki da taswira ba ta nuna ba. Kada wannan ya sa ka ɓoye ranar gamawa a bayan kalmar "kimanin". Ka ba da ranar da aka tsara, ka faɗi abin da zai iya ɗaga ta, ka kuma faɗi ranar da za a sanar da jama'a idan ta canja.

Mataki na uku: shata iyakar wurin da abin ya shafa

"Yankin Titin Asibiti" ba wuri ba ne da za a iya nunawa da yatsa. Rufewa tana da baki biyu, kuma dole a ambaci kowanne da abin da ido yake gani: daga Shataletalen Tasha zuwa Mahaɗar Makaranta. Injiniyoyi suna auna titi da lambobin nisa daga wurin da aikin ya fara, waɗannan kuwa na takardun kwangila ne, ba su da gurbi a sanarwar jama'a. Idan titin yana da suna a hukumance da kuma wani sunan da mutane suka fi saninsa da shi, ka sa duka biyun sau ɗaya a farko, sannan ka riƙe ɗaya har ƙarshe, wanda kuma ka riƙe ya zama shi ne a rubuce a allunan da za a kafa a bakin titi.

Ka faɗi ko mahaɗun da ke bakin rufewar su kansu a buɗe suke. Direban da zai ratsa Mahaɗar Makaranta daga kudu zuwa arewa ba shi da harka da Titin Asibiti, amma idan ya ga sunan mahaɗar a sanarwa zai ɗauka ita ma an rufe ta, ya yi zagayen da bai zama dole ba, ya ƙara cunkoso a wani wurin. Jimla guda ta isa: shataletalen da mahaɗar duk suna buɗe.

Wajen nuna hannun titi, kada ka ce hannun dama ko na hagu, domin daman mai zuwa gabas shi ne hagun mai zuwa yamma. Ka kira hannu da inda ya nufa: hannun masu zuwa Mahaɗar Makaranta, hannun masu zuwa Shataletalen Tasha. Ambaton gabas da yamma yana taimakawa, amma a haɗa shi da sunan wuri, domin ba kowa ne yake riƙe da alƙibla a cikin gari ba.

Sannan ka tuna cewa ba masu wucewa kaɗai ne abin ya shafa ba. Akwai mazauna gidajen da ke cikin mita 600 ɗin nan, da masu shaguna da ke jiran motar kaya, da fasinjojin da ke hawa bas a wurin, da masu tafiya a ƙasa, ciki har da masu keken guragu da masu tura keken jarirai, waɗanda 'yar gadar katako mai matakala ba za ta amfane su ba. A misalinmu ƙofar asibitin tana da nisan mita 150 daga Mahaɗar Makaranta, wato tana gabas da ramin. Wannan yana nufin ana iya shiga asibitin, amma ta ɓangaren gabas kawai. A ganina wannan ita ce jimla mafi nauyi a sanarwar duka, kuma ya kamata ta zo da wuri, domin mai ɗauke da mara lafiya ba zai karanta sakin layi biyar kafin ya same ta ba. Hukumar kwana-kwana da masu motocin ɗaukar marasa lafiya da 'yan sanda kuwa, a aika musu da takarda kai tsaye kafin a fitar da sanarwar.

Mataki na huɗu: hanyar ratse

"A bi wasu hanyoyin" daidai yake da cewa kowa ya yi ta kansa, kuma sakamakonsa shi ne manyan motoci su cika ƙananan layukan unguwa da ba a gina su domin irin wannan nauyi ba. Hukuma ce ya kamata ta zaɓi hanya, ta faɗe ta tare da kowace kwanar da direba zai sha.

Kafin ka rubuta ta, ka shiga mota ka bi ta da kanka, a zuwa da kuma a dawowa, sau ɗaya a lokacin da hanya take sarari, sau ɗaya a lokacin cunkoson safe ko na yamma. Ba komai ne taswira take nunawa ba. Da aka bi hanyar da aka fara zaɓa a misalinmu, wato Titin Lambu da ke kudu, an gano abubuwa biyu. Na farko, titin hannu ɗaya ne, masu zuwa gabas kaɗai ke binsa, don haka masu zuwa yamma suna buƙatar tasu hanyar daban. Na biyu, yana bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa wadda aka rubuta mata iyakar tsayi mita 3.8, don haka doguwar motar kaya ba za ta wuce ba. Da an fitar da sanarwa ba tare da wannan tafiya ba, da ranar farko tirela za ta tsaya a bakin gadar, ba gaba ba baya, ta toshe hanyar ratsen kanta. Haka ake duba iyakar nauyin gadoji, da kwanar da doguwar mota ba za ta iya sha ba, da makarantar da ɗalibanta ke tsallaka titi, da kuma ko wata hukumar, ta ruwa ko ta lantarki, tana shirin haƙa a kan hanyar a kwanakin.

Wajen rubutawa, ka ba kowane ɓangare nasa bayanin, ka fara daga wurin da direba zai ci karo da shinge, ka ƙare a wurin da zai koma kan hanyarsa. A nan dama da hagu suna da amfani, tunda ka riga ka faɗi inda mutum ya fuskanta. Ka ƙara nisan hanyar da lokacin da ka auna, domin mai zuwa aiki ya san minti nawa zai ƙara a kan fitowarsa. Idan bayanin ya wuce shan kwana uku ko huɗu, direba ba zai iya riƙe shi a ka ba, sai a dogara da alluna, kuma a kafa allo a kowace mahaɗar da mutum zai iya ɓata har ya koma kan titinsa.

Ga yadda jikin sanarwar ya kasance bayan waɗannan matakai:

"Za a rufe Titin Asibiti, daga Shataletalen Tasha zuwa Mahaɗar Makaranta, daga ƙarfe 7 na safiyar Litinin, 2 ga Maris, 2026, domin sauya kwalbatin da ya rufta. Asibiti yana buɗe, kuma ana shigarsa ta Mahaɗar Makaranta kawai.

Daga Litinin, 2 ga Maris, titin zai kasance a rufe dare da rana, har da Asabar da Lahadi. Da ƙarfe 6 na safiyar Litinin, 16 ga Maris, za a buɗe hannun masu zuwa Mahaɗar Makaranta. Za a sake rufe titin duka daga ƙarfe 10 na dare ranar Alhamis, 26 ga Maris, zuwa ƙarfe 5 na asuba ranar Juma'a, 27 ga Maris. Za a buɗe hannu biyun da ƙarfe 6 na yammacin Juma'a, 27 ga Maris. Ruwan sama yana iya ɗaga wannan rana, kuma za a fitar da sabon bayani ranar Litinin, 23 ga Maris.

Masu zuwa gabas: daga Shataletalen Tasha ku bi Titin Lambu, ku yi hagu a Titin Makaranta, ku fito Mahaɗar Makaranta. Nisan kilomita 1.9 ne, ƙarin minti 4 zuwa 10. Masu zuwa yamma: daga Mahaɗar Makaranta ku yi dama ku nufi arewa, ku yi hagu a Titin Masana'antu, ku bi shi har Shataletalen Tasha. Nisan kilomita 2.4 ne, ƙarin minti 5 zuwa 12. Motar da tsayinta ya wuce mita 3.8 ta bi Titin Masana'antu a zuwa da dawowa.

Shataletalen da mahaɗar suna buɗe. Mazauna titin za su iya shiga da mota ta ɓangaren da gidansu yake, amma ba za su iya tsallake wurin haƙar ba. Akwai hanyar masu tafiya a ƙasa da keken guragu a gefen arewa. An mayar da wurin tsayawar bas zuwa bakin Shataletalen Tasha."

A ƙarƙashin wannan sai a sa sunan sashen da ke da alhakin aikin, da lambar wayar da akwai mai ɗauka da sa'o'in da ake ɗaukarta, da ranar da aka fitar da sanarwar.

Mataki na biyar: taswira, gwaji da fitarwa

Taswira tana taimaka wa rubutu, amma ba ta maye gurbinsa, domin mai sauraron rediyo da makaho mai amfani da manhajar karanta rubutu ba za su gan ta ba. Saboda wannan dalili ne bai dace a ɗauki hoton takarda mai hatimi a ɗora a shafi a ce an gama ba; a buga rubutun kansa yadda za a iya kwafa da ƙara girmansa a waya. A taswirar kuma kada a bambanta rufaffen titi da hanyar ratse ta launin ja da kore kawai, domin akwai mutane da yawa, galibinsu maza, da ba sa rarrabe waɗannan launuka biyu, kuma idan aka buga ta baƙi da fari duk sun zama ɗaya. A yi amfani da layi mai kauri da layi mai tsinke-tsinke, a sa kibiyoyi, a rubuta sunayen titunan.

Kafin fitarwa, ka ba mutum biyu da ba su san aikin ba su karanta sau ɗaya, ɗaya mazaunin wurin, ɗaya baƙo. Kada ka tambaye su ko sun gane, domin kowa zai ce ya gane. Ka tambaye su abin da za su yi: ranar Asabar, 14 ga Maris, da yamma, kana Shataletalen Tasha kana son zuwa asibiti, ta ina za ka bi? Ranar Laraba, 18 ga Maris, kana Mahaɗar Makaranta za ka yamma, titin a buɗe yake gare ka? Duk inda suka yi jinkiri ko amsarsu ta saɓa, a nan ne jimlar take buƙatar gyara. Bayan haka injiniya ya duba ranakun, ya sa hannu.

Wa'adin da doka ta gindaya na sanar da rufe hanya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka duba dokar da ta shafi hukumarku. A aikace, ga rufewa irin wannan, ina ganin mako biyu ya dace, wato Litinin, 16 ga Fabrairu a misalinmu, tare da tunatarwa kwana biyu kafin farawa da takarda ta musamman ga gidaje da shagunan da ke kan titin. Idan za a fitar da sanarwar a harshe fiye da ɗaya, a jera fassarorin a gwada ranaku da sunaye ɗaya bayan ɗaya, musamman daren nan na 26 ga wata.

Idan rana ta canja, kada a gyara lambar a ɓoye a bar sauran yadda yake. A sa layi a saman sanarwar da ke cewa an sabunta ta a rana kaza, ranar buɗewa ta koma daga kaza zuwa kaza, saboda dalili kaza, sannan a gyara allunan bakin titi a wannan ranar, a sake aika wa gidajen rediyo da masu agajin gaggawa. Ranar da aka buɗe titin kuma a fitar da gajeren bayani cewa an buɗe, a kwashe allunan ratse, a rubuta "an kammala" a saman tsohuwar sanarwar da ke shafin hukuma.